Me Ya Hana Taurari Faɗowa? Wasiƙar Newton Ga Bentley

Duk yaron da ya taɓa kwana a tsakar gida a birnin Katsina lokacin bazara ya san wannan tambaya: mangwaro na faɗowa, ruwan sama na faɗowa, to me ya riƙe taurari? Tambayar ta taɓa ɗaure wa manyan masana kai. A shekarar 1692 wani matashin malamin coci a Ingila, Richard Bentley, wanda ke nazarin littafin Isaac Newton, ya aika masa da irinta, shi kuwa ya amsa da wasiƙu huɗu.

Newton ya riga ya nuna a 1687 cewa kowane abu mai nauyi yana jawo ɗan'uwansa, kuma ƙarfin jan yana raguwa da nisa. Sai Bentley ya nemi sani: in haka ne, me ya hana taurari su jawo juna su dunƙule wuri guda? Newton ya amsa cewa da sararin samaniya yana da iyaka, da lallai haka za ta faru. Idan kuwa ba shi da iyaka, ana jan kowane tauraro ta kowace fuska, sai jan ya kashe juna. Amma shi da kansa ya yarda cewa wannan daidaito ya fi wuya bisa ga tsayar da allurai a kan tsininsu bisa madubi. Saboda haka ya jingina al'amarin ga ikon Mahalicci.

Abin da ya cije wa Newton shi ne ya ɗauka taurari a tsaye suke cik. Alhali kuwa makullin amsar yana cikin littafinsa, inda ya bayyana tafiyar wata. Ga yadda abin yake.

A ɗauka mutum ya hau hasumiyar Gobarau, mai tsawon kamar mita 15, ya saki dutse. A daƙiƙa ta farko dutsen zai sauko mita 5, kuma kafin daƙiƙa 2 ta cika ya taɓa ƙasa. In ya wurga shi gaba da gudun mita 20 a daƙiƙa, lokacin faɗuwar bai canja ba, sai dai dutsen zai sauka kamar mita 35 daga gindin hasumiyar. To, duniya ƙwallo ce: a kowace tafiyar kilomita 8, doronta yana lanƙwashewa ƙasa da kimanin mita 5. Ke nan da za a harba dutsen da gudun kilomita 8 a daƙiƙa, gudun da zai kai shi Kano daga Katsina cikin ƙasa da daƙiƙa 20, kuma babu iska ko tudu da zai tare shi, to duk mita 5 da ya sauko, ƙasa ma ta kauce masa da mita 5. Yana faɗuwa, amma ba zai iso ba. Sai dai ya yi ta kewaya duniya.

Haka wata yake yi. Yana nesa da mu da kamar kilomita 384,000, yana gudun kilomita 1 a daƙiƙa, kuma a kowace daƙiƙa yana faɗowa wajenmu da abin da bai kai milimita 2 ba. Duniya ma haka take yi wa rana, da gudun kilomita 30 a daƙiƙa.

Su kuwa taurari, kowannensu rana ce mai zaman kanta. Ranarmu za ta haɗiye duniya fiye da miliyan ɗaya, saboda haka ba duniya ce za ta jawo tauraro ba. Wanda ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa na shafe shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso. A 1718 Edmond Halley ya gwada matsayin wasu taurari da abin da Girkawan dā suka rubuta, ya tarar sun gusa. A yau an san cewa rana da sauran taurarin da ido ke gani suna kewaya tsakiyar babban gungunsu, wanda ake hango shi kamar farin zane a sama in dare ya yi duhu. Rana na wannan tafiya da gudun kamar kilomita 230 a daƙiƙa, kuma zagaye ɗaya na cin shekara wajen miliyan 230. Gudu ne ya hana su haɗuwa a tsakiya. Nisa ne ya sa muke ganin kamar ba sa motsi.

Wannan ƙa'ida tana da sharaɗi: in gudu ya ragu, faɗuwa ta tabbata. Shi ya sa tauraron ɗan'adam da ke ƙasa-ƙasa, in iska ta yi ta rage masa gudu, yakan rikito ya ƙone. Hasken da ke gilmawa da dare kuwa, har a ce tauraro ya yanke, galibi tsakuwa ce da ba ta wuce ƙwayar gero ko ta masara ba, wadda ta shigo iska ta ƙone a nisan kamar kilomita 100. Mai shakka ya duba Kaza da 'Ya'yanta washegari da dare: zai same su cif, babu wanda ya ɓace.