Kafin a Kafa Turken Sadarwa, Taswira Ake Fara Tambaya

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya san yadda birnin Kano yake shimfiɗuwa a gabansa, unguwa bayan unguwa. Amma in ya waiwaya wajen Goron Dutse, abin da ke bayan dutsen ba zai gani ba, ko da kuwa yana kusa. Wannan ita ce matsalar injiniyan da zai kafa turken rediyo ko hasumiyar tsaro: daga wannan wuri, ina ake hangowa, ina ne kuma yake ɓoye? Saƙon wayar salula da na rediyon da ke haɗa turke da turke kusan a miƙe yake tafiya kamar haske, shi ya sa tudu ɗaya kan hana ƙauye guda samun sabis.

A yau kwamfuta ce ke fara amsa tambayar, ta hanyar lissafin da manhajojin taswira suke kira viewshed, wato fagen hange. Kayan aikin farko taswira ce ta tsayin ƙasa, wadda aka yanka ƙananan murabba'ai, kowane ɗauke da lambar tsayinsa daga matakin teku. Wadda aka fi sani ita ce SRTM, da kumbon Endeavour ya auno a watan Fabrairun 2000, kuma kowane murabba'inta ya kai kimanin mita 30 a faɗi. Ana samunta kyauta, haka ma manhajar QGIS da ake aikin da ita.

Mai aiki zai sa alama a inda yake tunanin kafa turken, ya rubuta tsayin turken, da tsayin eriyar mai karɓa, da iyakar nisan da yake so a bincika. Daga nan kwamfuta za ta ja layi daga kan turken zuwa kowane murabba'i. In wani tudu ya tokare layin, wurin ɓoyayye ne. In layin ya wuce salin-alin, sai a shafa wa wurin launi. Akan maimaita haka a wurare uku ko huɗu, a ɗora taswirar ƙauyuka a kai, a ƙirga waɗanda suka shiga launi. Sau da yawa dutsen da ya fi tsayi ba shi ke cin gasar ba, domin kafaɗarsa mai faɗi takan rufe mutanen da ke zaune a gindinsa.

Bari mu ɗauki misali. A ce gindin turke yana mita 500 daga matakin teku, turken kuma mita 30 ne, eriyarsa ke nan tana 530. Akwai ƙauye a nisan kilomita 10, eriyarsa tana 490. Daidai tsakiya layin zai ratsa a 510. In akwai tudu a nan mai tsayin 500, ga kuma tankwarar duniya da ke ƙara masa kimanin mita ɗaya da rabi, ratar da ta rage mita takwas da rabi ce. Taswira za ta ce ana hangen ƙauyen.

Sai dai saƙon rediyo yana bukatar sarari kewaye da layin, abin da ake kira yankin Fresnel. A zangon gigahaz 2.4, a wannan nisa, ana son rata ta kusan mita 11 a tsakiya. Ke nan ido zai hango eriyar, amma saƙon zai riƙa zuwa da rauni. In aka ɗaga turken zuwa mita 40, layin zai hau da mita 5 a tsakiya, ratar ta zama goma sha uku da rabi, matsala ta kau.

Kuskure mafi yawa yana zuwa ne daga taswirar kanta. Awon SRTM na iya kaucewa da mitoci kaɗan, kuma ba ta san benen da aka gina bayan 2000 ba, balle darbejiyar da ta girma a kan tudu. Wani kuskuren shi ne mantawa da tankwarar duniya, wadda a nisan kilomita 20 takan nutsar da ƙasa kimanin mita 31 ƙasa da miƙaƙƙen layi. Alamarsa ita ce a ga launi ya malale ko'ina a fili ba iyaka. Mai hasumiyar tsaro kuma ya tuna da hazon hunturu, wanda kan taƙaita gani ko da babu tudu ko ɗaya.

Saboda haka, kafin a zuba kankare, injiniya mai kula zai tafi wurin da ƙafarsa. Zai hau da madubin hangen nesa ko ya tashi jirgi marar matuƙi zuwa tsayin da aka tsara, ya duba ƙauyukan da ke bakin launi, ya auna itatuwan da ke kan tudun tsakiya. Gani ya kori ji. Turke in ya tsaya, matsar da shi ko da taku goma ne sai an sake kashe kuɗi mai yawa, mutanen bayan tudu kuwa za su ci gaba da hawa bishiya neman sabis.