Lita nawa, sidi nawa? Lissafin fentin ciki da falo a Nima

Da zarar Salla ta gabato, ko an ji alhazai sun kusa dawowa daga Makka, sai masu fenti su yi wuyar samu a Nima da Maamobi. A irin wannan gaggawar ce ake yin cinikin ido: mai fenti ya leƙa ɗaki, ya ɗaga kai, ya ce a sayo bokiti biyu. Wani lokacin ya dace, wani lokacin kuma aiki ya tsaya da saura bango guda, ko rabin bokiti ya rage ya bushe a bayan ƙofa. Alhali da tef ɗin awo da ɗan lissafi a waya, mai gida zai iya sanin abin da zai kashe tun kafin ya taka shago.

Mu ɗauki ciki da falo irin na gidajen haya. Ɗakin kwana ƙafa 12 ne a kan 12, falo kuwa 12 a kan 14, tsayin bango ƙafa 10. Ana haɗa tsawon bango huɗun kowane ɗaki, a ninka da tsayi. Kewayen ɗakin kwana ƙafa 48 ne, sau 10 ya ba da 480. Na falo 52, ya ba da 520. Jimla murabba'in ƙafa 1,000 ke nan. Sai a cire inda fentin bango ba zai taɓa ba. Ƙofa mai ƙafa 3 a kan 7 tana cin 21. Ta waje sau ɗaya za a cire, amma ta tsakiya sau biyu, domin ta huda bangon ɗaki ta kuma huda na falo, wato 63 gaba ɗaya. Tagogi uku masu ƙafa 4 a kan 4 sun ci 48. Abin da ya rage 889.

Magina a Gana da ƙafa suke awo, amma abin da aka fi rubutawa a jikin bokiti murabba'in mita ne. A raba 889 da 10.76, za a samu kusan murabba'in mita 83. Wannan lambar ita ce bangonka, ka rubuta ta ka adana, don ba za ta canza ba sai ka rushe wani abu.

Yanzu sai yawan fenti. A ninka faɗin bango da yawan shafar da za a yi, a raba da abin da lita ɗaya ke rufewa. Idan bangon mai santsi ne, an taɓa yi masa fenti, kuma launin da za a sa bai yi nisa da na da ba, fentin ruwa mai kyau yakan rufe murabba'in mita 10 a lita ɗaya. Shafa biyu a kan 83 ta zama 166, a raba da 10, lita 16.6. A ƙara kashi goma cikin ɗari saboda wanda rola ke sha da wanda ke zuba ƙasa, ya kai lita 18 da ɗoriya. Bokitin lita 20 ya wadatar. Amma a karanta jikinsa da kyau, don akwai manyan bokitai masu lita 18, kuma abin da ake kira galan wani lita 4 ne, wani 3.6.

A nan ne yawancin mutane ke shan kashi. Lambar da kamfani ya rubuta ta shafa ɗaya ce a kan bango mai laushi, ba ta filastar da magini ya bari da kaushi ba. Sabuwar filasta tana shan fenti kamar yadda ƙasar rani ke shan ruwan farko. Idan lita ta rufe mita 7 kawai, 166 ɗin nan za ta buƙaci kusan lita 24, da ƙarin nan ta kai 26, bokiti ɗaya ya gaza ke nan. Shi ya sa ake fara shafa firaima a kan sabon bango, ta toshe kafofin siminti, fenti mai tsada ya zauna a sama. Haka idan ana son mai da kore ko shuɗi mai duhu zuwa fari: shafa biyu ba ta ɓoye shi, sai uku, wato lita 25, da ƙari kusan 27 da rabi. Bokiti guda da galan biyu masu lita 4.

Farashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya ga Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, ba zai riƙe kuɗin bara ya je shago ba. Don haka kuɗin da zan ambata na misali ne, ka maye gurbinsu da na ranar da za ka saya. A ce bokitin fenti mai kyau sidi 1,100 ne, mai araha kuma sidi 500. Ido zai tafi ga na 500. To idan shi mita 6 yake rufewa a lita, kuma sai an shafa sau uku kafin tsohon launi ya ɓace, lissafin ya zama 83 sau 3, a raba da 6, lita 41 da rabi tun ba a sa ƙari ba. Bokiti biyu ba su kai ba, na uku ya shigo, sidi 1,500 ke nan, ga mai fenti zai nemi ladan shafa ta uku. A ganina, a irin wannan ciniki mai araha shi ne mai tsada.

Bango ba shi kaɗai ke cin kuɗi ba. Silin ɗin ɗakunan biyu murabba'in ƙafa 312 ne, wato mita 29, shafa biyu lita 6, sai galan biyu na fari, a ce sidi 500. Ƙofofi da ƙarafan taga fentin mai suke so, galan ɗaya da tina, a ce 360. Fila na cike tsaga, samfefa, rola da buroshi, 240. Ladan aiki 800. Da bokitin 1,100, jimla sidi 3,000. Idan dattijon mai fenti ya ce maka miliyan talatin, kada ka firgita, kuɗin ɗaya ne: tun canjin kuɗi na 2007, da aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabo ɗaya, mutane da yawa ba su bar tsohon ƙirge ba. Sai dai a tabbatar da wanne ake magana, kuma a raba kuɗin kaya da na aiki a takarda.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafi bayan an gama shi. Na farko tsarma fenti. Idan kaya sun kusa ƙarewa, wasu sukan ƙara ruwa fiye da abin da aka rubuta a bokiti. Za ka gane idan fentin yana tsiyaya daga rola, ko bayan ya bushe tsohon launi na leƙowa, ko ka shafa tafin hannu ya fito da farin gari. Na biyu laima. Gidajen da ke gangare kusa da babbar kwatar Nima sukan jawo ruwa daga ƙasa, sai ka ga gindin bango ya kumbura, yana fitar da farin gishiri. Manna leda a wurin, ka like gefunanta, ka bar ta ta kwana. Idan ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, bangon bai shirya ba, kuma shafa goma ma sai ta ɓare. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu ta bushe, fentin waje kuma gara a kauce masa a tsakiyar damina, musamman watan Yuni.

Don haka, mai gida, kafin ka miƙa kuɗin kafin alƙalami, tambayi mai fenti abu uku: bangon mita nawa ne, shafa nawa zai yi, kuma lita ɗaya ta wannan fentin mita nawa take rufewa. In amsarsa ta yi nisa da lissafinka, ku ɗauko tef ku auna tare.