Wasiƙar shaidar tsohon ma'aikaci: yadda za a faɗi rauninsa ba tare da an kai ga kotu ba

Mai shago a Garwa, mai kamfanin jigila a Maraɗi ko mai makarantar kuɗi a Anjamena, kowannensu yakan wayi gari da irin wannan buƙata: wani da ya taɓa yi masa aiki ya samu sabon wuri, kuma an ce ya kawo wasiƙar shaida daga tsohon maigidansa. Idan mutumin ba shi da aibu, abin da sauƙi. Matsalar tana tasowa ne idan akwai abin da maigidan ya sani, kamar yawan makara ko sakaci da lissafi. Idan ya ɓoye, ya cuci wanda zai ɗauki ma'aikacin. Idan kuma ya saki baki, yana iya samun sammaci.

Takardu biyu ne, kada a haɗa su

A ƙasashen da suka gaji tsarin dokar Faransa, akwai takardar shaidar aiki da doka ta wajabta wa maigida ya bai wa ma'aikaci ranar da suka rabu. A Kamaru, sashe na 44 na dokar ƙwadago ta 1992 ya ce a ba da ita ko mene ne dalilin rabuwar, kuma ya taƙaita abin da za ta ƙunsa: ranar fara aiki, ranar barinsa, da irin ayyukan da mutum ya riƙe tare da lokutansu. Ba wurin yabo ba ce, ba kuma wurin suka ba. Maigidan da ya ƙara da cewa "an sallame shi saboda sakaci" ya fita daga abin da doka ta ba shi dama, ko da maganar gaskiya ce, kuma ma'aikacin yana iya kai kuka wurin sufeton ƙwadago domin a sake masa wata.

Wasiƙar shaidar hali da ƙwazo, wadda sabon ma'aikatar ke nema, daban take. Dokar ƙwadagon ba ta tilasta rubuta ta ba, don haka maigida yana da ikon cewa ba zai rubuta ba. Amma da zarar ya yarda ya rubuta ya sa hannu, nauyin kowace jimla yana kansa.

Inda haɗarin yake

Haɗari na farko shi ne tuhumar ɓata suna. Sashe na 305 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6, da tarar sefa 5,000 zuwa miliyan 2, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya zubar wa wani mutunci ta hanyar jingina masa abin da ba zai iya kawo hujjarsa ba. Laifin yana buƙatar a ce maganar ta fita bainar jama'a, don haka wasiƙar da aka rufe aka aika wa mutum guda ba daidai take da wadda aka watsa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ba. Sai dai rufe wasiƙa ba ya kawar da haɗari na biyu, wato ƙarar neman diyya. Sashe na 1382 na tsohon kundin dokar farar hula na Faransa, wanda har yanzu ake aiki da shi a ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci, ya ce duk wanda kuskurensa ya jawo wa wani asara sai ya biya. Ma'aikacin da ya rasa aiki saboda wata jimla marar tushe yana da asarar da zai nuna wa alƙali.

A ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila, kamar Najeriya da Ghana, akwai kariya ga wanda ya ba da bayani da zuciya ɗaya ga mai haƙƙin saninsa, matuƙar ba ƙeta ce ta sa shi ba. Amma a 1994, a shari'ar Spring da kamfanin Guardian Assurance, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa mai rubuta irin wannan wasiƙa wajibi ne ya yi taka-tsantsan, kuma ana iya cin sa diyya idan ya rubuta abin da bai bincika ba, ko da bai yi da mugun nufi ba. Tsarin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: tambayar da za a yi wa maigida ita ce, ina hujjarka?

Misali daga sito

A ɗauka wani dillalin kayan masarufi a Garwa yana da mai kula da sito da ya yi masa aiki daga Maris 2021 zuwa Yuni 2024. Mutumin ya iya mu'amala da direbobi da masu saye, ya kuma san kaya. Amma yana da rauni biyu a idon maigida. Na farko, yana makara wajen buɗe sito, har aka ba shi takardar gargaɗi sau biyu a 2023, ya sa hannu a kan kowacce. Na biyu, a wani ƙidayar kaya an rasa buhun shinkafa 14. Mutum uku ne ke riƙe da mabuɗi, ba a kai ƙara ba, ba a kuma gano wanda ya ɗauka ba. Yanzu wani kamfani a Ngaundere yana son ɗaukarsa, ya nemi wasiƙa.

Abin da ke bakin maigida shi ne ya rubuta: "Malalaci ne, kuma hannunsa ba shi da tsarki." Jimlar nan ta ƙunshi kuskure biyu. Kalmar "malalaci" hukunci ne a kan halin mutum gaba ɗaya, alhali abin da ke rubuce makara ce kawai. Maganar hannu kuwa zargin sata ne a fakaice, kuma sashe na 305 ya haɗa da jingina laifi kai tsaye ko ta bayan gida. Habaici ba ya kare mai yin sa.

Makarar tana iya shiga wasiƙa, domin akwai takardu biyu masu kwanan wata da sa hannun ma'aikacin. Batun shinkafa ba zai shiga ba, ko da da kalmar "ana zargin", domin zato ne kawai maigida yake da shi, kuma zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Ga yadda sakin layin zai iya kasancewa:

"Ya yi aiki a ƙarƙashina kai tsaye a matsayin mai kula da sito daga Maris 2021 zuwa Yuni 2024. Yana karɓar kaya, yana rubuta shige da fice, yana kuma sallamar motoci. Ya ƙware wajen mu'amala da masu saye da direbobi. A 2023 an ba shi gargaɗi a rubuce sau biyu kan makara wajen buɗe sito. Daga Janairu 2024 har ya bar aiki ba a sake samun hakan ba. A ganina ya fi ƙwazo idan akwai wanda ke duba lissafin kaya tare da shi a kai a kai."

Jimlar da ta ce ya gyara tana da muhimmanci, idan har gaskiya ce. Wanda ya ambaci gargaɗin ya yi shiru a kan gyaran ya ba da hoto na ƙarya da kalmomi na gaskiya. Jimlar ƙarshe kuma ra'ayi ce, an gabatar da ita a matsayin ra'ayi, kuma tana halatta ne kawai idan maigida yana da abin da ya gani da idonsa, kamar kurakuran da ya sha gyarawa a littafin sito. Idan buhunan nan 14 ne kaɗai dalilinta, to a cire ta, domin ta zama hanyar shigo da zargin ta taga.

Idan kamfanin ya yi tambaya kai tsaye ko za a iya ba shi amanar kuɗi, maigida ba dole ne ya yi ƙarya ba. Yana iya cewa mutumin bai riƙe kuɗi a wurinsa ba, don haka ba zai yi shaida a kan wannan fanni ba, in haka ne abin yake. Abin da bai kamata ba shi ne ya rubuta "amintacce ne ƙwarai" yana da shakka a ransa, domin sabon kamfanin da ya dogara da wannan shaida ya yi asara shi ma yana iya waiwayarsa.

Abin da ba ya shiga ko da gaskiya ne

Rashin lafiyar ma'aikaci, juna biyu, matsalar gidansa, addininsa, ƙabilarsa, ko kasancewarsa ɗan ƙungiyar ƙwadago, duk ba su da gurbi a wasiƙar. Haka nan idan ya taɓa kai maigida ƙara wurin sufeton ƙwadago: ambaton wannan yana kama da ramuwar gayya, kuma shi ne abin da lauya zai fara nunawa domin tabbatar da ƙeta. Idan yawan fashin mutum ya samo asali ne daga jinya mai takardar likita, ba rauni ba ne da za a lissafa masa.

Fassara da wayar tarho

'Yan kasuwa da yawa suna faɗin abin da suke so da Hausa ko Fulatanci, wani yaro ko mai buga takardu ya mayar da shi Faransanci. A nan kalma takan yi nauyi: "yana da ɗan sakaci" sai ta koma kalmar da ke nufin babban laifin aiki, irin wanda ake korar mutum a kansa. Kafin a sa hannu da hatimi, a sa wani dabam ya karanta wasiƙar ya mayar da ita Hausa jimla bayan jimla.

Sannan a kula da abin da ke biyo bayan wasiƙa. Sau da yawa sabon maigida yakan bugo waya ya ce, "Alhaji, tsakaninmu, yaya yaron nan yake?" Abin da aka ƙi rubutawa kada a faɗe shi da baki, balle a saƙon murya, wanda ake adanawa a kuma tura wa wasu. Amsar da ta dace ita ce abin da ke cikin wasiƙar shi ne shaidar.

Kafin a aika

A rubuta wasiƙar da sunan kamfanin da ya nema, a aika masa shi kaɗai, a ajiye kwafi tare da takardun gargaɗin. Mafi kyau kuma a nuna wa ma'aikacin tun kafin ta tafi, a gaya masa cewa za a ambaci makarar, ya zaɓa: ko a aika haka, ko ya tafi da takardar shaidar aiki kawai. Idan ya amince, ya sa hannu a kan kwafin. Idan rabuwar ta kai gaban sufeto ko kotu kuma ba a gama ba, a tsaya a kan takardar da doka ta wajabta, a nemi shawarar lauya kafin a ƙara ko kalma ɗaya.