Zobban Haske da Ke Auna Abin da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1892 zuwa 1893, a garin Sèvres kusa da Paris, masanin kimiyya Albert Michelson ya auna sandar mita da jan hasken da sinadarin kadmiyom ke fitarwa. Ya samu cewa mita ɗaya na ɗauke da igiyoyin hasken nan sama da miliyan ɗaya da rabi. Na'urar da ta yi wannan aiki, intafaromita, har yau tana ɗakunan gwaji na jami'o'i.

Ƙirarta ba ta da wuyar fahimta. Haske yakan faɗa kan wani gilashi da ke raba shi gida biyu, kowane rabi ya nufi madubinsa, ya dawo, su sake haɗuwa a kan allo. Inda tudun igiya ya gamu da tudu, wurin ya yi haske. Inda tudu ya faɗa kwari, sai su kashe juna, wurin ya yi duhu. Abin da ake gani shi ne zobba, na haske da na duhu, wani cikin wani.

Madubi ɗaya a kafe yake, ɗayan kuwa ana matsar da shi da wani sukuru mai ma'auni. Da an murza, sai zobba su riƙa ɓullowa daga tsakiya ko su nutse ciki, mai gwaji yana ƙirgawa. Tun da hasken zuwa yake yi ya dawo, duk matsawar madubi ninki biyu take a tafiyarsa. Saboda haka zobe ɗaya na nufin madubin ya gusa rabin tsawon igiya, kuma lissafin shi ne λ = 2d/N.

A ce ɗalibi ya kunna jar leza ta hiliyom da niyon, ya matsar da madubi milimita 0.1, kimanin kaurin takarda guda. Zai ƙirga zobba 316. Ya ninka 0.1 sau biyu, ya raba da 316, sai ya samu kusan nanomita 633, tsawon igiyar wannan leza ke nan. In kuma ya riga ya san tsawon igiyar, zobba 50 sun gaya masa madubin ya gusa kusan milimita 0.016.

Wahalar tana wajen ƙirgar. Zobe ɗaya ya kuɓuce cikin 316, amsa ta kauce da nanomita 2. Taku mai ƙarfi a ɗakin ko jingina da tebur kan sa zobban rawa, numfashi kusa da hanyar hasken ma yakan gusar da su. Sukurun kuma yana da ɗan sako-sako: in aka juya shi baya, ma'auni zai motsa alhali zobban na tsaye cik. Shi ya sa ƙwararru ke murza shi gefe guda kawai, su bari zobban su fara tafiya tukuna, sannan su rubuta lambar farko su soma ƙirga.