Tafsiri kai tsaye daga Madarumfa: abin da ke faruwa tsakanin bakin malam da kunnen ɗan ci-rani

Duk wanda ya taɓa zama kusa da rediyo lokacin kokowar Takobin Ƙasa, wani kuma a gefensa yana kallon karawar a salula, ya san wannan abu: mai rediyo ya riga ya yi tsalle yana cewa an yi kaye, mai salula kuwa har yanzu yana ganin ƴan kokowa suna riƙe da juna. Salularsa ba ta lalace ba. Haka watsa hoto kai tsaye ta intanet yake, kullum yana bayan gaskiya da ƴan daƙiƙoƙi. Wanda ya gane inda daƙiƙoƙin nan ke maƙalewa ya gane rabin aikin.

Mu ɗauki abin da aka fi yi a garuruwanmu. A ce wani masallaci a Madarumfa, garin tabki da kushewun waliyyai casa'in da tara, yana son ƴan garin da ke ci-rani a Kano, Abijan, Aljeriya da Libiya su riƙa jin tafsirin azumi. Malam yana zama awa biyu kullum. An samu saurayi mai salula, an buɗe shafi a Facebook. Me ke biyo baya?

Kamarar salula tana ɗaukar hoto talatin a kowace daƙiƙa. Da za a tura su yadda suke, babu rezon da zai ɗauka a duk jihar Maraɗi. Saboda haka salular tana matse su: takan aika cikakken hoto guda kamar kowace daƙiƙa biyu, a tsakani kuma sai ta aika abin da ya canja kaɗai, motsin hannun malam, juyawar kan alaramma. Shi ya sa salular da aka kafe a kan ƙafa uku ta fi wadda ke hannu fitar da hoto garau, ko da rezonsu ɗaya. Idan hannu na rawa, bango da tabarma da ginshiƙi duk sun zama abin da ya canja, sai hoton ya dagule ya yi dabbare-dabbare.

Daga nan lissafi ya shigo. Hoto madaidaici, wanda ake kira 720, yana cin kamar megabit biyu a daƙiƙa. Megabit takwas ke yin megabait guda, wato mega ɗin da kamfanin waya ke sayarwa. Ke nan minti guda yana cin mega 15, awa guda mega 900, zaman awa biyu jiga 1.8. A kwana 29 an haura jiga 50. Kwamitin masallacin da ya sayi jiga goma yana zaton ya gama da wata, to ranar shida ga azumi zai ga hoto ya tsaya cak. Idan aka rage hoton zuwa 480 kuɗin zai sauko kusan rabi, kuma a ganina tafsiri bai yi asarar komai ba, don murya ake nema. Mutane za su yafe hoto mai hazo. Ba za su yafe muryar da lasifika da amsa-kuwwar masallaci suka cakuɗa ba. Ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi sabuwar salula amfani a nan.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne auna rezo da saurin saukar bidiyo. Mai watsawa turawa yake yi, kuma saurin turawa daban yake da na saukewa, galibi ma ya fi shi rauni. A gwada shi a daidai wurin da salular za ta tsaya, a daidai lokacin da za a yi zaman, don rezon da ke gudu da hantsi yakan yi nauyi bayan la'asar idan jama'a sun taru kowa da salularsa. Idan gwajin turawa bai kai ninki biyu na abin da hoton ke ci ba, a rage hoton tun kafin a fara. A gwada Airtel, a gwada Zamani, a gwada Moov, don kowace unguwa da wanda ya fi kama ta. Masu watsawa daga ƙauyukan da ke wajen Ɗan Issa, kusa da iyakar Jibiya, su zaɓi rezo da hannu, kada salula ta tsallaka ta kama na Najeriya ana tsakiyar karatu. A kashe shigowar kira, a cire rigar salular, a kauce wa rana: zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40, kuma salular da ke ɗauka tana caji a lokaci guda takan rage ƙarfinta da kanta ko ta mutu.

To ina jinkirin yake shiga? Hoton ya bar Madarumfa, ya bi ta eriya, ya isa manyan na'urorin kamfanin a wata ƙasa. Can za a sake sarrafa shi zuwa girma daban-daban, domin mai rezo mai ƙarfi a Abijan ya ga garau, mai rauni a Sabha ya ga dishi-dishi amma kada ya yanke. Sannan a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta ƴan daƙiƙoƙi. Salular mai kallo ba ta fara nunawa sai ta tara gunduwa biyu ko uku a ajiye, kamar mai dahuwa da ke cika randa kafin ta hura wuta don kada ruwa ya yanke mata. Idan gunduwar ta daƙiƙa biyu ce, ajiyar nan kaɗai ta ci huɗu zuwa shida. A haɗa da matsewa da tafiya da sarrafawa, sai a ga daƙiƙa goma, ashirin, wani lokaci talatin. Kuma ba kowa ke da jinkiri iri ɗaya ba: wanda hotonsa ya tsaya sau biyu ya ci gaba yana bayan wanda bai tsaya ba.

YouTube yana ba mai watsawa ta kwamfuta zaɓi uku, jinkiri na al'ada, gajere, da gajere ƙwarai wanda ke ƙasa da daƙiƙa biyar. Sai dai rage jinkiri rage ajiyar nan ne, kuma mai kallo a rezo mai rauni zai riƙa ganin da'irar nan tana juyawa. Ga tafsiri, jinkiri mai tsawo ya fi. Auna shi kuwa ba wuya: kafin jama'a su zo, a tafa hannu gaban kamara, a ƙirga har a ga tafin a salula ta biyu. Salula ta biyun a sa mata abin kunne. In ba haka ba makirufo zai kama muryar malam ta ɗazu ya sake tura ta, masu kallo su riƙa jin magana biyu.

Wannan jinkirin ne ke rikita akwatin saƙonni. Rubutu ba ya nauyi, yana isa kusan nan take, amma mai rubutun yana amsa maganar da malam ya yi daƙiƙa ashirin da suka wuce. Malam ya ce "kun ji?", shiru. Ya shiga wata aya, sai ga "mun ji" suna zubowa. Haka tambaya: in ba a tara ta an karanta a ƙarshe ba, kullum za ta faɗo a inda ba gurbinta ba.

Saboda haka mai riƙe kamara ba zai iya tsaron saƙonni ba. Ana bukatar mutum na biyu, wanda shafin ya naɗa tun kafin a fara, mai ikon goge saƙo, dakatar da mutum na ɗan lokaci, ko toshe shi gaba ɗaya. Facebook da YouTube da TikTok duk suna ba da wannan dama, suna kuma barin a rubuta jerin kalmomin da ba a so su bayyana. YouTube yana da tsarin da ke hana mutum sake rubutu sai bayan daƙiƙoƙin da aka ƙayyade, abin da ke kwantar da gardama idan ta ɗauki zafi. Amma kada a dogara da jerin kalmomi. Bahaushe yana rubuta kalma guda ta hanya huɗu, da ƙugiya, babu ƙugiya, da harafin q, ko da salon Faransanci, kuma habaici ba ya ɗauke da kalmar zagi ko ɗaya. Sai wanda ya san garin, ya san wa ake nufi da "su wane", zai gane.

Abu biyu mai tsaron zai fi gamuwa da su. Na farko rikicin ƙungiyanci, wanda saƙo guda ke kunnawa. Na biyu, kuma shi ya fi ɓarna, mutumin da ke sa hoton masallaci a shafinsa ya rubuta lambar waya yana cewa a turo sadakar gini. Maganinsa a kafe saƙo guda a sama mai cewa shafin ba ya karɓar kuɗi ta nan, ko mai nuna hanya guda tak, sannan a goge duk wata lamba da ta bayyana ba tare da jira ba. Masu rubutu kuma su sani cewa Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta waɗannan hanyoyi.

An shafa fatiha, an danna gamawa. Mutane da yawa suna ɗauka karatun ya zauna a shafi ke nan har abada. Da haka ne a Facebook, amma daga 19 ga Fabrairun 2025 kamfanin yana ajiye bidiyon kai tsaye kwana 30 kacal, sannan ya goge. Ma'ana, tafsirin ranar farko zai ɓace a daidai hidimar sallah, lokacin da babu mai tunawa da shi. YouTube yana ajiye zaman da bai kai awa 12 ba, muddin shafin yana nan, amma sarrafa shi sai in ba a manta kalmar sirri ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe ba ƙarami ba ne, don sau da yawa shafin masallaci yana kan lambar saurayi guda, shi kuma bayan sallah ya tafi ci-rani da layinsa.

Ko an sauke bidiyon daga shafi, abin da ya isa can shi za a samu, da hazonsa da giɓin duk inda rezo ya yanke, kuma saukewar za ta sake cin mega mai yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye wata salula kusa da malam tana naɗar murya kaɗai, ba ta bukatar rezo. Awa biyu na murya mai kyau ba ta wuce mega 60, tana shiga WhatsApp, tana shiga memori, masu tura karatu a kasuwa su kai ta ƙauyukan da kai tsaye ba ya isa. A sa wa kowane zama suna da kwanan wata da sura a daren da aka yi shi.

Ɗaya ɓangaren kuma, gogewa ba ta dawo da abin da ya fita. Kowane mai kallo yana iya naɗar fuskar salularsa, ya yanko daƙiƙa talatin daga awa biyu, ya raba su da abin da ya gabace su. Don haka a kafe kamara a kan malam da alaramma, kada a juya ta wajen sahun mata ko fuskokin yara, a kuma gaya wa malam lokacin da aka fara da lokacin da aka kashe, domin hirar bayan addu'a, inda ake ambaton sunayen mutane da matsalolin gidajensu, ita ce aka fi mantawa makirufo yana ji.