Lambobin Kuwantam na Atam ɗin Haidirojin da Yadda Ake Ƙirga Obital

Atam ɗin haidirojin furoton ɗaya ne a tsakiya da ilektiron ɗaya a kewayensa, kuma saboda wannan sauƙin nasa ake iya warware lissafinsa ba tare da kintace ba. A shekarar 1913 Niels Bohr ya nuna cewa ilektiron ɗin ba ya ɗaukar kowane adadin makamashi da ya ga dama, sai wasu matakai ƙayyadaddu. A 1926 Erwin Schrödinger ya kawo lissafin da ya tabbatar da matakan, ya kuma ƙara wani abu: a mataki ɗaya ilektiron na iya zama a yanayi daban-daban, kowanne da siffarsa. Ana bambance waɗannan yanayi da lambobi huɗu, su ne lambobin kuwantam. Akasarin tambayoyin jarrabawa a wannan babi ƙirga ne kawai, wato yanayi nawa ne suka yi tarayya a makamashi ɗaya, kuma wanda ya gane yadda lambobin ke ɗaure juna ba ya bukatar haddace jadawali.

Lamba ta farko ita ce n, babbar lamba, wadda ke ɗaukar 1, 2, 3 da sauransu ba iyaka. A haidirojin ita kaɗai ke yanke makamashi, bisa ƙa'idar E = −13.6/n² a ma'aunin eV. Mataki na farko yana −13.6, na biyu −3.4, na uku −1.51, na huɗu −0.85. Alamar ragi tana nufin ilektiron a ɗaure yake, sai an ba shi wannan adadin kafin ya kuɓuce wa furoton. Matakan suna ƙara matsowa kusa da juna yayin da n ke hawa, kuma ilektiron yana ƙara nisa da tsakiya.

Lamba ta biyu, l, ita ke ba da siffar obital, wato yankin da ake sa ran samun ilektiron a cikinsa. Tana farawa daga 0 ta tsaya a n − 1, ba ta taɓa kai wa n. An saba kiran ƙimominta da haruffa: s ga 0, p ga 1, d ga 2, f ga 3. Saboda haka 3d na nufin n = 3 da l = 2. Daga nan ake gane amsar tambayar nan da masu shirya jarrabawa ba sa gajiya da ita, ta zaɓar obital ɗin da babu shi: babu 1p, babu 2d, babu 3f, domin a kowannensu l ta kai n.

Lamba ta uku, m, tana nuna inda obital ya fuskanta. Tana tashi daga −l, ta bi ta sifiri, ta kai +l, wato ƙima 2l + 1. Obital s ɗaya ne, p uku, d biyar, f bakwai. Ɗalibin da ya samu huɗu a d ya tsallake sifiri ne, kuma kuskuren yana tona kansa, tunda 2l + 1 kullum mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai. Ta huɗun ita ce lambar juyi, wadda George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit suka gabatar da tunaninta a 1925. Ƙima biyu gare ta, +½ da −½, kuma ba ruwanta da sauran ukun. Ba ta canza siffar obital, ninka ƙirga kawai take yi sau biyu.

Siffofin kansu taswira ce ta yiwuwar samun ilektiron. Ba hanyar da yake bi ba ce, domin a lissafin Schrödinger babu wata hanya da aka shata masa. Obital s dunƙulalle ne kamar ƙwallo, duk ta inda aka dube shi iri ɗaya ne. A 1s, nisan da aka fi samun ilektiron shi ne nanomita 0.0529 daga furoton, daidai da nisan da Bohr ya lissafa. Obital p kuwa ya yi kama da kalangu: ɓangare biyu masu kauri, tsakiya a tsuke, furoton yana daidai tsukin. Ukun suna kwance a kan layukan x, y da z. A cikin d guda biyar, huɗu suna da kunnuwa hurhuɗu, na biyar, wanda ake rubutawa dz², yana da kunnuwa biyu da zobe a ƙugunsa. Littattafan sakandare da yawa suna jera px, py da pz a ƙarƙashin m = +1, −1 da 0 kamar kowanne da tasa. Wannan gaskiya ne ga pz kaɗai, mai m = 0. Sauran biyun gauraye ne na +1 da −1, amma gaurayar ba ta taɓa ƙirga, uku dai uku ne.

Abin da ke bambanta 1s da 2s da 3s, ban da girma, shi ne nod, wato wurin da yiwuwar samun ilektiron ta zama sifiri. Nod iri biyu ne. Akwai na kusurwa, wanda ke ratsa ta tsakiyar atam ya raba obital ɓangare-ɓangare, kuma yawansa l ne. Akwai na nisa, wanda ke kewaye tsakiya a wani nisa ƙayyadadde, yawansa n − l − 1. Jimillarsu kullum n − 1 ce. A mataki na uku ke nan kowane obital nod biyu gare shi, rabonsu ne ya bambanta: 3s na nisa biyu, 3p ɗaya na nisa ɗaya na kusurwa, 3d na kusurwa biyu. Idan aka ba da zanen yiwuwa bisa nisa aka ce a faɗi obital, sai a ƙirga sau nawa layin ya sauko ya taɓa sifiri a tsakani. Ba a sa mafarin zanen a lissafi, haka ma can ƙarshe inda layin ke dusashewa. Masu sa ɗaya daga cikinsu ne ke mayar da 2s ya zama 3s.

Yawan yanayin da suka yi tarayya a makamashi ɗaya shi ake kira dijenarasi. Tunda makamashin haidirojin bai san l ko m ba, duk obital ɗin da ke da n ɗaya a mataki ɗaya suke. Ga tambaya irin wadda ake yi: ilektiron na haidirojin yana da makamashi −1.51 eV, a faɗi dijenarasin matakin. Da farko a nemo n. Raba 13.6 da 1.51 yana ba da kusan 9, don haka n² = 9, n = 3. Ƙimomin l su ne 0, 1 da 2. Na farko yana da obital 1, na biyu 3, na uku 5, jimilla 9. In an sa juyi, kowane obital yana da yanayi biyu, jimilla 18.

Ba dace ba ne da 9 ta fito sau biyu. Tara lambobin mara a jere daga 1 kullum yana ba da lamba da aka ninka da kanta: 1 da 3 huɗu ne, a ƙara 5 tara, a ƙara 7 sha shida. Shi ya sa ƙa'idar take n² ba tare da juyi ba, 2n² tare da shi. Mataki na biyu 4 ko 8, na huɗu 16 ko 32. Dukan amsoshin biyu daidai ne, kuma galibi ana saka su tare a cikin zaɓi, don haka kalmomin tambayar ne ke raba gardama. In an ce obital nawa, ko an ce a yi watsi da juyi, amsa n² ce. In an ce yanayin kuwantam nawa har da juyi, ko ilektiron nawa matakin zai iya ɗauka, amsa 2n² ce, domin ƙa'idar da Wolfgang Pauli ya kafa a 1925 ta hana ilektiron biyu yin tarayya a dukan lambobi huɗun. A tambayar da ake rubuta bayani kuma ba a ambaci juyi ba, abin da ya fi shi ne a kawo duka biyun, a nuna wanne ne wanne.

Wasu tambayoyin ƙa'idar n² ba ta isa gare su, sai an bi l ɗaya bayan ɗaya. A ce an nemi yawan obital masu n = 4 da m = +1. Ƙimomin l su ne 0, 1, 2 da 3, amma m ba ta wuce l, don haka l = 0 ta fita. Saura uku, kowacce tana da m = +1 sau ɗaya: obital 3, yanayi 6 in da juyi. Da m = +2 aka ce, da l = 2 da l = 3 ne kawai za su rage. Haka ake tantance jerin lambobi: a duba ko l ta gaza n, sannan ko m tana tsakanin −l da +l. Jerin n = 3, l = 2, m = −2 ya halatta, amma n = 3, l = 1, m = +2 bai halatta ba.

Akwai tarko kuma a atam ɗin da aka kwashe wa ilektiron sai ɗaya, irin He⁺ da Li²⁺. Ƙirgarsu irin ta haidirojin ce, amma makamashinsu −13.6Z²/n² ne, inda Z ke nufin yawan furoton. Ganin −13.6 eV yakan sa a yi saurin cewa n = 1. A He⁺, mai Z = 2, mataki na farko yana −54.4, kuma −13.6 mataki na biyu ne, mai obital 4 da yanayi 8.

Tarayyar makamashin nan dalili biyu gare ta, kuma kowanne da abin da ke rushe shi. Ƙimomin m sun yi daidai ne saboda jan da furoton ke yi iri ɗaya ne ta kowace fuska. Da zarar an sa atam a filin maganaɗisu, fuska ɗaya ta fita daban, sai p ukun su rabu gida uku in ba a lissafa juyi ba. Pieter Zeeman ne ya fara ganin tasirin maganaɗisu a layukan haske a 1896. Daidaituwar s da p da d kuwa ta samu ne daga yadda jan furoton ɗaya tak ke raguwa da nisa. In akwai wasu ilektiron, na ciki suna tare wa na waje wani kaso na jan, kuma s ya fi p kutsawa kusa da tsakiya, p ya fi d. A sodiyam 3s yana ƙasa da 3p, kuma saukar ilektiron daga 3p zuwa 3s ce ke ba da hasken rawaya na nanomita 589. A irin wannan atam dijenarasi 2l + 1 ce ga kowane rukuni, kuma 2n² ta koma yawan ilektiron da matakin ke ɗauka kawai.

Ko a haidirojin ma daidaiton bai cika ɗari bisa ɗari ba. Awo mai tsanani yana nuna mataki na biyu ya ɗan tsage da kimanin 0.000045 eV, kuma a 1947 Willis Lamb da Robert Retherford sun auna wani bambanci da ya fi wannan ƙanƙanta tsakanin 2s da ɗaya daga yanayin 2p. In aka kwatanta da 10.2 eV da ke tsakanin mataki na farko da na biyu, tsagin bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ba a lissafa shi sai tambaya ta ambace shi da suna.