Ɗan ƙarfen da ke hana wutar NEPA haɗuwa da ta janareta

Wanda ya sa cenja-oba mai sarrafa kanta ya huta da fita cikin duhu ya ja hannu. Da an ɗauke wuta sai ya ji ƙas daga akwatin bango, gida ya koma kan janareta ko inbata. Wannan ƙarar ta kontakta ce, wato makunni mai aiki da maganaɗisu. Idan wuta ta shiga koyil ɗinta ta bakin A1 da A2, sai ta fizgo ƙarfe, haƙoranta su haɗu, wuta ta wuce. Idan koyil ta rasa wuta, sifirin ya mayar da su.

Akwatin na ɗauke da kontakta biyu, ɗaya ta NEPA, ɗaya ta inji, kuma duk suna zuba wuta a waya ɗaya mai shiga gida. Sharaɗin shi ne kada su taɓa rufewa tare, ko da na ƙiftawar ido ne. In akwai wutar NEPA, to ta haɗu da ta inji ba a kan taki ɗaya ba, kuma injin ne zai sha kashi. In babu, abin ya fi muni. Wutar inji za ta bi waya ta koma taransifoma, ita kuwa taransifoma ba ta san gaba da baya ba, sai ta ɗaga bolt 230 ya kai 11,000 a babban layi. Ma'aikacin da ya hau falwaya da yaƙinin an kashe layi, shi ne zai gamu da ita.

Katanga ta farko ta waya ce. Kowace kontakta tana da ƙaramin haƙori na gefe, galibi mai lamba 21 da 22, wanda ke buɗewa idan ta rufe. Sai a bi da wayar koyil ɗin inji ta haƙorin kontaktar NEPA, ta NEPA kuma ta haƙorin na inji. Dabara ce mai kyau, amma ni ban yarda a tsaya a nan ba.

Ga abin da na gani a shagon wani mai ƙanƙara a unguwarmu. Injinsa 5 kVA ne, wato kusan amfiya 22. An ƙera koyil ta kama sosai daga kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin wutarta, kimanin bolt 195 ke nan. A layinsu kuwa wuta takan faɗi ƙasa da haka da magariba, sai kontaktar NEPA ta dinga kar-kar-kar, tana kamawa tana saki, ga firiza uku a kanta. Kowane saki da tartsatsinsa. A kwana a tashi, haƙoran suka narke suka manne kamar an yi musu walda. Tun kafin nan wani yaron mai gyara ya haɗe wayar 21 da 22 don inji ya riƙa kamawa da sauri.

Ranar da aka ɗauke wuta, inji ya tashi, koyil ɗinsa ta samu wuta, ta yi ta gurnani amma kontaktar ta ƙi rufewa. Abin da ya tokare ta shi ne intalok na ƙarfe, ɗan abu da bai kai akwatin ashana biyu ba, wanda ake maƙalawa tsakanin kontaktocin. Idan ɗaya ta shiga, sai ta tura wani ɗan harshe ya tare hanyar ɗayar, kuma ba ruwansa da waya ko koyil. Mai shago ya fusata, ƙanƙara na narkewa, har ya ce a cire shi. Mai gyaran da ya zo ya ce, "Alhaji, wannan ɗan abin shi ya hana injinka tura wuta layi." Ya sauya kontaktar, ya warware haɗin yaron, ya ƙara rile mai auna wuta wanda ke sakin NEPA idan ta yi ƙasa, da taima da ke jira kaɗan bayan an kawo wuta kafin a mayar da gida kanta. Ya kuma sa ana sauya nutiral tare da layif, ba layif kaɗai ba.

Intalok sai ya dace da samfurin kontaktocin, shi ya sa ake sayensu tare. Gwajinsa kuma ba wuya. Mai gyara ya kashe NEPA da inji ko inbata, ya tabbatar da mita cewa babu wuta, ya danna kontakta ɗaya da sukundireba mai roba, sannan ya gwada danna ta biyun. In ta shiga, akwatin ba shi da intalok, ko ya karye. Mai karatu, kafin ka biya kuɗin aiki, ka ce a yi wannan gwajin a gabanka.